Yadda za ka nuna cewa tarihi ne ya ɗaure tsari har ya ƙi gyaruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba mu aikin rubuta maƙala a kan abin da ya sa hukumomi da tsare-tsare suke ƙin karɓar garambawul. An ce mu yi amfani da ra'ayin dogaro da turbar da aka fara bi, da kuma ra'ayin muhimmiyar mararraba. Na karanta, amma duk abin da na rubuta sai ya koma cewa "tarihi yana da tasiri". Yaya zan bayyana su yadda za su zama hujja?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ya sa rubutunka yake komawa ga jimla ɗaya shi ne ka haɗa tambayoyi biyu a wuri guda, alhali kowacce da amsarta. Ta farko: me ya sa aka zaɓi wannan tsari tun farko, aka bar wani? Ta biyu: me ya sa tsarin yake nan har yau, bayan dalilin da ya haife shi ya gushe? Muhimmiyar mararraba, wato ɗan gajeren lokacin da hanyoyi da dama suke a buɗe kafin a zaɓi ɗaya, ita ke amsa ta farko, dogaro da turba kuma shi ke amsa ta biyu. Ƙarfin ra'ayin gaba ɗaya yana cikin cewa amsoshin biyu sun sha bamban. Abin da ya kafa tsari yana iya zama ƙaramin lamari na ɗan lokaci, amma abin da ke riƙe da shi wani abu ne dabam da ya tsiro daga baya, wanda tsarin da kansa ya haifar.

Bari mu fara da ta biyu, don a nan ne mafi yawan maƙaloli suke yin rauni. Idan aka ce tsari ya dogara da turba, ana nufin cewa kowace shekara da aka ƙara a kan hanyar, tsadar barin ta tana ƙaruwa. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hoton ya dace, sai dai mai duba maƙalarka yana son ka faɗi abin da ya busar da iccen. Masanin tattalin arziki Brian Arthur ya zayyana hanyoyi huɗu da hakan ke faruwa a harkar fasaha: kuɗi mai yawa da aka zuba wajen kafawa, ƙwarewar da mutane suka samu a kan abin da ake da shi, amfanin da kowa ke samu idan ya bi abin da sauran mutane suke bi, da kuma tsammanin cewa abin zai ɗore, wanda ke sa kowa ya tsara al'amuransa a kai. A shekarar 2000 Paul Pierson ya ɗauko wannan tunani ya shigar da shi nazarin siyasa, ya nuna cewa ɗaurin ya fi tsanani a can. A kasuwa, idan kaya bai yi ba, mai saye yana iya komawa wani. A siyasa kuwa doka tana hawa kan kowa, 'yan siyasa ba sa hangen abin da ya wuce zaɓe mai zuwa, kuma waɗanda tsari ya ba iko suna amfani da ikon wajen kare tsarin.

Wannan na ƙarshe, wato na iko, shi ne na fi so ɗalibai su riƙe. Dubi Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1945 aka ba ƙasashe biyar kujerun dindindin da ikon hawa kujerar na-ƙi. Sashe na 108 na kundin Majalisar ya ce ba za a yi wa kundin gyara ba sai kashi biyu cikin uku na ƙasashe sun rattaba hannu, kuma dole dukan biyar ɗin su kasance a ciki. Ke nan makullin gyaran yana hannun waɗanda gyaran zai rage wa iko. An faɗaɗa kwamitin daga kujeru 11 zuwa 15 a 1965, amma ba a taɓa ikon biyar ɗin ba. Wannan misali yana da sauƙin fahimta, kuma za ka iya kawo shi a sakin layi ɗaya. Sai dai ba zan ba ka shawarar ka gina maƙala a kansa ba, domin ɗaurin a rubuce yake tun ranar farko. Misalin da ya fi koyarwa shi ne wanda babu wanda ya yi niyyar ɗaure shi, amma ya ɗauru.

Irin wannan misali shi ne inshorar lafiya a Amurka. A can kusan rabin jama'a suna samun inshorarsu ne ta wurin aikinsu ko aikin wani nasu, abin da ba a saba gani haka ba a sauran ƙasashe masu arziki. Mutum ya rasa aiki, inshorarsa ta tafi tare da aikin. Shugabanni da dama sun yi yunƙurin canza wannan, tsarin yana nan. Ga yadda abin ya faro.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu inshorar lafiya ƙaramar harka ce. A 1940 kimanin mutum ɗaya cikin goma ne yake da inshorar kwanciya asibiti. Da yaƙi ya zo, maza suka tafi fagen daga, masana'antu suka shiga ƙarancin ma'aikata. Gwamnati ta ji tsoron hauhawar farashi, sai a 1942 aka yi dokar da ta ba da ikon ƙayyade albashi. Kamfani ba shi da damar jawo ma'aikaci da ƙarin albashi. Amma a 1943 hukumar da ke kula da harkar ƙwadago lokacin yaƙi ta yarda cewa irin su inshorar lafiya ba sa cikin albashin da aka ƙayyade, hukumar haraji kuma ta bar kuɗin da kamfani ya biya wa ma'aikata na inshora ba tare da an cire masa haraji ba. Kamfanoni suka ga ƙofa, suka shiga gasar jawo ma'aikata da inshora. Waɗanda suka yanke waɗannan hukunce-hukunce suna neman maganin matsalar yaƙi ne, ba su zauna don tsara wa ƙasar harkar lafiya ta shekara tamanin ba.

A nan ne za ka yi aikin da ke mai da labari ya zama hujja: ka nuna cewa akwai wata hanyar a buɗe a lokacin, kuma mutane na gaske sun nemi a bi ta. A watan Nuwamba 1945 Shugaba Truman ya aika wa majalisa buƙatar kafa inshorar lafiya ta ƙasa, ya sake matsawa bayan ya ci zaɓen 1948. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yaƙe shi da kamfe mai tsada, har ta ɗora wa kowane ɗan ƙungiya dala 25 don wannan aiki. A daidai waɗannan shekaru Birtaniya ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 1948, lardin Saskatchewan na Kanada kuma ya fara inshorar asibiti ta gwamnati a 1947. Likitoci sun yi turjiya a waɗannan wuraren ma. A Saskatchewan har yajin aiki na kwana 23 suka yi a 1962, lokacin da aka faɗaɗa tsarin ya haɗa da kuɗin ganin likita. Wannan kwatancen yana da amfani ƙwarai, domin yana nuna cewa adawar likitoci kaɗai ba ta isa ta bayyana bambancin ba.

To ga mararrabar: tsakanin 1942 da 1954. A cikin waɗannan shekaru hanyoyi biyu suna gaban ƙasar. Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda da farko suke goyon bayan inshorar ƙasa, sun ga majalisa ta ƙi motsi, kuma a ƙarshen shekarun 1940 hukunce-hukuncen shari'a sun tabbatar musu da cewa suna da haƙƙin tattauna irin waɗannan alawus da masu kamfani. Sai suka karkata ga nemo wa 'yan ƙungiyarsu inshora a teburin sulhu. Yarjejeniyar da ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta yi da kamfanin General Motors a 1950 ta zama abin koyi. Zuwa wannan shekarar, kusan rabin jama'a suna da inshorar asibiti. A 1954 majalisa ta rubuta rangwamen harajin a cikin dokar haraji, ƙofa ta rufe. Lura da tsawon lokacin: shekara goma sha biyu na mararraba, fiye da shekara saba'in na tafiya a kan turba. Giovanni Capoccia da Daniel Kelemen sun jaddada a 2007 cewa dole mararraba ta zama gajeriya idan aka gwada ta da abin da ta haifar. Idan ka ga mararrabarka ta kai shekara arba'in, to sauyi ne na sannu a hankali kake bayani, ka kira shi da sunansa.

Yanzu sai tambaya ta biyu. Ƙayyade albashi ya ƙare bayan yaƙi, dalilin farko ya mutu. Me ke riƙe da tsarin?

Ka fara da mutanen da tsarin ya ƙirƙiro. Kamfanonin inshora sun girma, sun zama masu kuɗi da ma'aikata masu yawa da bakin magana a majalisa. Asibitoci sun gina sassan lissafi da karɓar kuɗi a kan mu'amala da waɗannan kamfanoni. Ƙungiyoyin ƙwadago sun sha haƙura da ƙarin albashi don a ba su inshora mai kyau, saboda haka duk gyaran da zai shafe ta, a wurinsu ƙwace ne na abin da suka riga suka biya. Sai kuma ma'aikacin da kansa. Yana iya ƙorafi a kan tsarin gaba ɗaya, amma yana da kati a aljihu da likitan da ya saba da shi, kuma tsoron rasa abin da ke hannu ya fi ƙarfin kwaɗayin abin da aka yi alkawari. Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: tallafin gwamnati ga wannan tsari a ɓoye yake, domin harajin da ba a karɓa ba ne. Ma'aikaci bai san gwamnati na taimaka masa ba. Idan aka zo da inshorar ƙasa, harajinta a fili zai gani, sai ya ɗauka sabon nauyi ne aka ɗora masa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bai wanzu da wannan girman ba a 1940. Wannan jimlar ita ce zuciyar maƙalarka. Masu adawa da gyara ba daga sama suka faɗo ba. Tsarin ne ya raine su, kuma yawansu na ƙaruwa da shekarunsa. Douglass North ya bambanta tsakanin dokokin wasa da 'yan wasa: dokoki su ne tsare-tsare, ƙungiyoyi da kamfanoni su ne 'yan wasan da suka ƙware a kan waɗannan dokoki, kuma wanda ya kashe rayuwarsa yana ƙwarewa a wasa ba zai so a canza dokarsa ba.

Hanyar da za ka gwada ko da gaske ɗaurin yana aiki ita ce ka dubi siffar gyare-gyaren da suka yi nasara da waɗanda suka faɗi. A 1965, zamanin Shugaba Johnson, an kafa shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati guda biyu, Medicare don tsofaffi da Medicaid don marasa ƙarfi. Gyara ne babba, amma dubi waɗanda ya ɗauka: mutanen da inshorar wurin aiki ba ta kai gare su, waɗanda kuma suka fi tsada. Gwamnati ta ɗauke wa kamfanoni nauyi mafi wuya, ta bar musu ma'aikata masu jini a jika, kuma tsofaffin da suka samu biyan buƙata suka fita daga sahun masu neman inshorar kowa da kowa. Shirin Shugaba Clinton na 1993 ya nemi ya sake fasalin kasuwar gaba ɗaya, ya mutu a 1994 ba tare da an ma kaɗa masa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Dokar 2010 ta zamanin Obama ta wuce, amma ta wuce ne ta hanyar gini a kan tsohon tsari, har ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su ba da inshora ko su biya tara.

A cikin dokar ta 2010 akwai wani sashe da nake ganin ya fi kowane bayyana lamarin. An sa harajin kashi 40 cikin ɗari a kan abin da ya haura wani mizani na inshorar wurin aiki mai tsada, wato an ɗan taɓa rangwamen 1954. An tsara zai fara aiki a 2018. Aka ɗage shi zuwa 2020, aka sake ɗagewa zuwa 2022, sannan a Disamba 2019 aka soke shi tun bai karɓi ko dala ɗaya ba. Masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda ba su cika haɗuwa a kan komai ba, sun haɗu a kan yaƙarsa, jam'iyyun biyu kuma suka mara musu baya. Idan ka kawo wannan a maƙala, ka nuna wa mai karatu ɗaurin yana aiki a gaban idonsa, da sunayen masu riƙe da igiyar.

Akwai kurakurai da nake yawan gani, kuma gara ka san su kafin mai duba aikinka ya nuna maka. Mafi yawa shi ne zaɓen mararraba daga baya: ɗalibi ya ga inda aka ƙare, ya koma tarihi ya nemo wata shekara mai hayaniya ya ce ita ce. Rikici ba shi ne mararraba ba. Yaƙi ko durƙushewar tattalin arziki suna iya sassauta ƙa'idojin da suka saba ɗaure masu mulki, amma sai ka nuna wane ne yake da zaɓi, mene ne zaɓin, kuma me ya sa wanda aka bari ba mafarki ba ne. Takardun lokacin su ne shaidarka: ƙudurin da aka gabatar, muhawarar da aka yi, ƙuri'ar da aka kaɗa. Haka kuma mararraba tana iya buɗewa ta rufe ba tare da an canza komai ba, kuma irin waɗannan suna da daraja wajen kwatance.

Wani zai iya ce maka ai mararrabar ta riga 1942, domin a 1935 gwamnatin Roosevelt ta cire inshorar lafiya daga dokar tallafin jama'a don kada adawar likitoci ta kashe dokar duka, kuma shirye-shiryen inshorar asibiti masu zaman kansu sun fara tun 1929. Wannan ƙalubale ne mai ƙarfi, kada ka ɓoye shi. Amsarka ita ce a 1935 an jinkirta ne, ƙofa ba ta rufe ba, tun da mutum tara cikin goma ba su da abin da za su rasa a 1940. Abin da ya faru kafin mararraba yana ƙayyade yawan hanyoyin da ke gabanka, amma bai zaɓa maka ɗaya ba. Ruth da David Collier, a nazarinsu na 1991 kan yadda ƙasashe takwas na Latin Amurka suka shigar da ƙungiyoyin ƙwadago cikin siyasa, sun ware waɗannan matakai a fili: yanayin da aka gada, mararrabar, sannan gadon da ta bari. Wannan jerin zai iya zama ƙashin bayan maƙalarka.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar cewa duk abin da ya daɗe ɗaure yake, ko kuma cewa hanyar da aka bari ta fi kyau. Misalin da kowa ke kawowa shi ne jerin haruffan QWERTY na madannin keken rubutu da kwamfuta, wanda Paul David ya yi rubutu a kansa a 1985. Amma a 1990 Stan Liebowitz da Stephen Margolis sun nuna cewa shaidar da ake kafawa da ita cewa wani jerin haruffa da ake kira Dvorak ya fi shi sauri tana da rauni. Idan za ka ambaci QWERTY, ka ambaci wannan jayayya, kuma kada ka wuce jimla biyu. Tsari yana iya daɗewa don kawai yana yi wa mutane aiki. Abin da ke raba wannan da ɗauri shi ne ka samu masu ruwa da tsaki suna yarda cewa da yau za a fara, da ba haka za a yi ba, amma suna cewa yanzu canzawa ta yi tsada.

Sai bayanin da ke gogayya da naka. A misalin Amurka, wani zai ce matsalar ita ce yawan wuraren da ake iya tare doka: majalisu biyu, kwamitoci masu ƙarfi, da ƙa'idar majalisar dattawa da ke buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara. Gaskiya ne, kuma maƙala mai kyau tana ba shi haƙƙinsa. Amma waɗannan shingaye ba su hana Medicare wucewa ba, ba su hana dokar 2010 ba. Suna bayyana abin da ya sa gyara ke da wuya. Ba sa bayyana abin da ya sa gyaran da ya kauce wa inshorar wurin aiki yake wucewa, wanda ya taɓa ta kuma yake faɗuwa. Wannan bambancin dogaro da turba ne kaɗai ke bayyana shi, kuma a ganina nan ne ya kamata ka sa nauyin hujjarka.

Abu na ƙarshe da zai ɗaga darajar aikinka shi ne ka yarda cewa ra'ayin yana da iyaka. Idan aka matsa shi da yawa, sai ya zama kamar tarihi dogon barci ne da girgiza ke katsewa jefi-jefi. Kathleen Thelen, tare da Wolfgang Streeck a 2005 da kuma James Mahoney a 2010, ta nuna cewa tsare-tsare suna canzawa a hankali ko babu girgiza. Wani lokaci ana ɗora sabo a kan tsoho, kamar yadda Medicare ya hau. Wani lokaci ana barin doka yadda take duniya ta canza a kewayenta har ta rasa tasiri. Jacob Hacker ya nuna haka a wannan fanni, inda yanayin aiki ya sauya, ayyukan wucin gadi suka ƙaru, inshorar wurin aiki ta riƙa barin mutane a waje ba tare da an soke ko layi ɗaya na doka ba. Wani lokaci kuma ana juya tsohon tsari ya yi wani aikin da ba don shi aka kafa shi ba. Saboda haka kada ka rubuta cewa tsarin bai canza ba. Rubuta cewa ya canza ta inda turbar ta ba da dama, ka nuna inda ta hana.

Game da tsarin rubutun, ka ɗauki misali ɗaya ka bi shi har ƙasa, ka bar na biyu don kwatance kawai. Ka ba ma'anar kalmomin biyu a sakin layi ɗaya ko biyu, kada ka cinye rabin maƙalar a kan wa ya ce me. Kashi mafi girma ya tafi ga abin da ke riƙe da tsarin, domin taken da aka ba ku a kan ƙin gyara ne. Kafin ka miƙa, ka ɗauki kowace jimla da ka rubuta "saboda tarihi" ko "an saba", ka tambayi kanka wane mutum ko wace ƙungiya ce za ta yi asara idan aka canza, me za ta rasa, kuma a wace shekara ta fara samun abin. Inda ka iya amsawa, ka maye gurbin jimlar da amsar. Inda ka kasa, ka koma ga takardun lokacin, ko ka cire jimlar.